Yadda Ake Gane Ko Jam'in Suna Daidai Yake a Hausa

Ɗaki ɗakuna, amma gida gidaje, gari garuruwa, akuya kuwa awaki. Hausa ba ta da hanya guda ta yin jam'i, shi ya sa mai rubutu kan tsaya yana tantama. Abin da za a riƙe tun farko shi ne, dacewa da tsari kaɗai ba ya sa jam'i ya zama daidai, sai an same shi a bakin masu harshen. Bari mu bi matakan da kalmar doki, domin ana jin dawaki, dawakai da dokuna, wani ɗan koyo ma ya ce dokoki.

Mataki na farko, cire wasalin ƙarshe na tilo ka ga saiwar, sannan ka duba ko jam'in ya hau ɗaya daga cikin sanannun tsare-tsare. Akwai mai maimaita baƙin ƙarshe tsakanin o da i, kamar taga tagogi, hanya hanyoyi. Akwai mai ƙarewa da -una kamar riga riguna, da -ai kamar malami malamai, da -aye kamar kifi kifaye. Dokuna ya hau tsarin riguna, dokoki ya hau na tagogi. A wannan mataki duk biyun sun wuce, amma da sauran aiki.

Na biyu, duba ko baƙi ya sauya inda ya kamata. A irin wannan jam'i, idan t, s, d ko z suka zo gaban i ko e, sukan koma c, sh da j. Masu nazarin harshe na kiran wannan ganɗantawa. Ita ce ta ba mu motoci daga mota, ƙasashe daga ƙasa, gidaje daga gida, kaji daga kaza. Duk wanda ya rubuta mototi ko gidade ya kauce, ba sai an buɗe ƙamus ba.

Na uku, tambayi kanka ko wata kalma ta riga ta mallaki wannan jam'i. Nan dokoki ya faɗi, domin jam'in doka ne. Ka ce wa mutum "an ɗaure dokoki a bayan gida" ka ga yadda zai dube ka.

Na huɗu, buɗe ƙamus. Na Bargery da ya fito a 1934 yana kawo jam'i a gefen tilo, sau da yawa fiye da ɗaya, har da nuna wanda ake faɗa a Sakkwato ko Katsina. Akwai kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Sai dai ƙamus yana da iyaka. Kalmomin aro da suka shigo bayan an buga shi ba za ka same su ba, a nan kunne ne alƙali. Yawancin irin waɗannan kalmomi tsarin tagogi suke bi, shi ya sa muke cewa ofisoshi da tashoshi ba tare da wani ya koya mana ba.

Mataki na biyar shi na fi ba muhimmanci: nemi jam'in a tsofaffin maganganu da bakin manya. A masarautar Kano akwai sarautar Sarkin Dawaki, wannan kaɗai ya isa shaida cewa dawaki ya daɗe da zama a harshen. Wanda bai sani ba zai ɗauka dawaki ne ya karya ƙa'ida, tunda babu w a doki. Masana tarihin harshe sun nuna cewa asalin tilon dawki ne, aw ɗin ya narke ya koma o, jam'i kuma ya riƙe tsohuwar sura. Saboda haka dawaki da dawakai duka ingantattu ne. Dokuna ana jin sa a bakin wasu, kowa kuma zai gane nufinsu, amma a rubutun makaranta ko na jarida ni dawaki ko dawakai zan zaɓa.

Kada ka yi saurin soke jam'i don kawai ba shi ake faɗa a garinku ba. Kasuwanni da kasuwoyi duk Hausa ne, haka hannuwa da hannaye, sarakuna da sarakai. Tambayi mutum biyu ko uku daga yankuna daban kafin ka yanke hukunci, kuma ka sa kalmar cikin jimla, kada ka faɗe ta ita kaɗai. "Waɗannan dawakin sun gaji" ya fi saurin tona kuskure, domin waɗannan da sun jam'i suke bi.

Wani lokacin ma ba a bukatar jam'in. Idan adadi ya biyo bayan suna, tilo ya wadatar: shekara goma, naira ɗari, doki uku. Abubuwan da ake aunawa kuwa, irin su gero da shinkafa, a maganar yau da kullum ba a yi musu jam'i, sai dai a ce buhunan gero ko kwanon shinkafa biyar.