Kada ka miƙa wayar a cikin kwalinta

'Yan uwa, in za ku saya wa iyaye ko wani dattijo waya, kyautar ba ta cika ba sai kun saita masa ita. Wasu wayoyin da ake jefarwa a durowa ba lalacewa suka yi ba, mai su ne ya kasa gane kansu.

A ce mahaifiya ce, idonta ya fara rauni. Kafin ka kai mata, shiga Settings, ka nemi Display, ka ƙara Font size har ta iya karanta suna ba tare da ta matso da wayar fuskarta ba. Ka kwashe tarkacen da ke kan allon, ka bar abin kira, WhatsApp da kyamara kawai. Lambobin 'ya'yanta kuma ka sa wa kowace hoton mai ita, don fuska ta fi rubutu saurin ganewa.

Maganar makulli, ku yi hattara. Yatsun da suka sha aiki sau da yawa na'urar ba ta karanta zanensu, gara lamba huɗu da ba za ta manta ba. Kalmar sirrin Google kuwa ka rubuta ka adana a wurinka.

Sannan ka zauna kusa da ita, ta kira ka da hannunta. In ta kakare, kada ka karɓe wayar, nuna mata da baki ta sake gwadawa.