Kurakuran da ɗalibai ke yi wajen taƙaita darasi don kwiz da jarrabawa

Duk simesta sai an maimaita abu ɗaya. Ɗalibi zai taƙaita handawut sau ɗaya, ya shiga kwiz da wannan taƙaitawar, ya shiga babbar jarrabawa da ita, in ma an ce a shigo da littafi, ita ɗin dai zai ɗauko. Alhali gwaje-gwajen nan uku ba abu ɗaya suke nema daga gare ka ba, don haka tsawon abin da za ka rubuta ma dole ya bambanta.

Mu ɗauki darasin tsare-tsaren mulkin Nijeriya na zamanin Turawa, a ce handawut ɗin shafi 20 ne: na Kilifod 1922, na Ricas 1946, na Makfasan 1951, na Litiltan 1954.

Kwiz ba shi da wuya, kuma kuskurensa ƙarami ne: rubutu da yawa. Tambaya goma ce a cikin minti goma ko sha biyar, yawanci cike gurbi ko zaɓen amsa, ba wanda zai ce ka yi sharhi. Shafi 20 ɗin nan ya koma fuska ɗaya ta takarda. Ka ninke ta biyu a tsaye, tambaya a hagu, amsa a dama. Wane tsari ne ya fara kawo zaɓe? Na 1922. Kujeru nawa? Huɗu, uku na Legas, ɗaya na Kalaba. Wane ne ya kafa majalisun yankuna uku? Na 1946. Ka rufe ɓangaren dama ka yi ta gwada kanka. Abin da na fi so a ƙara shi ne layi biyu ko uku na abubuwan da ke rikita mutum, kamar 1951 da 1954, domin a nan malami ke ɗana tarkonsa.

Babbar ɓarnar tana jarrabawar da ba a shiga da komai, kuma ita ce ke ɓata mini rai. Ɗalibi ya ci kwiz da ’yar takardarsa mai fuska ɗaya, sai ya ɗauka ya samu laƙani. Ya haddace "1954, tarayya" ya shiga zauren jarrabawa, sai ya tarar da tambaya mai maki 20: ka bayyana dalilan da suka sa tsarin Makfasan ya rushe har aka koma tsarin tarayya. Me zai rubuta? Layi uku, sannan ya fara kame-kame yana juya magana ɗaya. Ba rashin karatu ya kayar da shi ba. Lokacin da yake taƙaitawa ne ya yanke duk wani "saboda" da duk wani "shi ya sa", don yana ganin su ne surutun da ke cika takarda. To, su ne ake ba wa maki! Shekara da suna ba za su wuce maki biyu ko uku ba, sauran na mai iya haɗa dalili da sakamako ne.

Gyaran shi ne a taƙaita hawa biyu. Hawa na farko, shafi 20 ya koma kamar shafi huɗu, da cikakkun jimloli, da kalmominka, handawut a rufe. Kowane batu ya ɗauki abu uku: me ya faru, me ya jawo shi, me ya haifar. A misalinmu zai fito haka: tsarin 1951 ya haɗa yankuna a majalisa ɗaya ta tsakiya, Arewa na da rabin zaɓaɓɓun kujeru, amma ministoci sun fi yi wa jam’iyyun yankunansu biyayya. A 1953 Antoni Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka nemi a ce sai lokacin da ya dace, rikici ya kai ga tarzomar Kano a watan Mayu na 1953. Shi ya sa aka yi taron Landan a 1953 da na Legas a 1954, aka ba yankuna ƙarin iko. Ka ga wannan sakin layi ɗaya ne, amma ya isa ya zama ƙashin bayan amsa mai shafi biyu.

Hawa na biyu sai saura kwana biyu ko uku: shafi huɗun ya koma rabin shafi na ’yan kalmomin tuni, kamar "Enahoro, 1956, Kano, Landan". Wannan rabin shafin ba shi da amfani ga wanda bai bi ta hawa na farko ba, kuma shi ya sa karɓar taƙaitawar aboki ranar jajiberi yaudarar kai ne. Shi ya san abin da ke bayan kowace kalma, kai kuwa kalmar kawai ka gani.

Akwai hanyar gane ko ka yanke da yawa. Ka ɗauki layi ɗaya, ka kife takardar, ka yi bayaninsa da baki na minti biyu. In ka tsaya cak bayan jimla ɗaya, ka koma ka mayar da abin da ka cire. In kuwa ka ga jimlolin littafi kake rerowa kalma bayan kalma, kwafa ka yi, ba ka taƙaita komai ba.

Sai jarrabawar da ake barin a shiga da littafi. Haba ɗalibai, wa ya ce muku wannan hutu ne? Malamin da ya bar ka da littafi ya san ba zai tambaye ka abin da za ka kwafo daga shafi ɗaya ba. Cewa zai yi ka kwatanta matsayin Arewa a tsarin 1922 da na 1946, kuma amsar tana warwatse a wurare uku. Sai ka ga mutum ya shigo da littafi biyu da handawut da littafin rubutunsa, ya tara su a kan benci, yana ta juya shafi yana gumi. Mu yi lissafi: awa biyu, tambaya huɗu, kowace minti 30. In kowane nema ya ci minti uku, ka nema sau biyar, rabin lokacin tambayar ya tafi ba ka rubuta komai ba.

A nan ba gajarta bayani ake yi ba, tun da bayanin na gabanka. Abin da ake gajartawa shi ne hanyar zuwa gare shi. Ni dai shawarata shafi biyu ce. Na farko manuniya: batu, da inda yake. "Sharaɗin zaɓe na 1922, samun fam 100 a shekara: handawut shafi na 4." Na biyu jadawalin kwatance: tsare-tsaren huɗu a sama, a gefe kuma zaɓe, ikon gwamna, matsayin yankuna, abin da ya rushe shi. A gurbin Arewa ƙarƙashin 1922 ka rubuta cewa majalisar ba ta yi mata doka, gwamna ke yi da shela. Ƙarƙashin 1946, ta shigo majalisar ƙasa. Abin da ke da wuyar riƙewa, irin su adadi da ainihin lafazin doka, kada ka ɓata dare wajen haddarsa, ka dai san shafinsa. Dalilai kuwa dole su kasance a kanka kamar yadda za su kasance a ɗaya jarrabawar.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Shafa wa rabin shafi alƙalami mai launi ba taƙaitawa ba ne. Liƙa alamar shafi har talatin daidai yake da rashin liƙawa, takwas zuwa goma sun isa. Kuma tun mako guda kafin ranar ka tambayi malami abin da ya halatta a shigo da shi, domin wani littafi kaɗai yake bari ba tare da rubutun hannu a ciki ba, wani kuma takarda ɗaya tak. In takarda ɗaya ce, manuniya ba ta da aiki, sai ka cika ta da jadawalin da adadin da ka san za su kuɓuce maka.