Babi na Shida: Gyara Takardar Tarihin Aiki ga Wanda Shekaru Suka Ja

Darasi na farko: abin da ake cirewa

Takardar tarihin aiki, wadda ake rubuta CV a samanta, ita ce takan riga mutum isa gaban mai ɗaukar ma'aikata, kuma idan shekarunku ne abu na farko da idonsa ya faɗa a kai, yana iya ajiye ta tun bai karanta abin da kuka iya ba. A nan Nijeriya an saba jera ranar haihuwa da aure da makarantar firamare a saman takarda. Ku nemi layin da aka rubuta Date of Birth, ku ɗora yatsa a kansa, sannan ku ce wa mai buga muku takardar ya share layin gaba ɗaya. Sharewa na ce, ban ce a canja lambar ba. Wanda ya yi shiru a kan shekarar haihuwarsa bai yi ƙarya ba, amma wanda ya mayar da 1969 ta koma 1975 ya yi, kuma katin shaidar ɗan ƙasa zai tona shi ranar tantancewa.

Darasi na biyu: shekarun makaranta

A nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe, saboda haka ku bi ni a hankali, babu gaggawa. Mu ɗauki misalin wani mai kula da sito da aka haifa a 1969, ya gama firamare a 1981, sakandare a 1986, ya sami difloma a 1990. Ya share ranar haihuwa, ya zaci aiki ya ƙare, alhali ya bar 1981 a gefen sunan firamarensa. Mai karantawa ya san cewa yaro yakan gama firamare yana ɗan shekara 12 ko kusa da haka, sai ya ɗebe 12 daga 1981, ga 1969 ta dawo. Abin da ya dace shi ne ya cire firamare ɗungurungum, tunda mai difloma ba ya bukatar nuna ta, sannan ya rubuta sunan diflomar da sunan makarantar, ya bar shekarar a cikin takardar shaida.

Yanzu ku duba taku. Sunan shaida yana nan, sunan makaranta yana nan, shekara ta fita. Ku sake dubawa, domin shekarar takan ɓuya a wani layi, musamman wajen hidimar ƙasa ko wani kwas da aka yi tun tuni. Idan kun ga lamba mai fara da 19 a sashen karatu, ba ku gama ba. Kada ku ji kunya, kowa yakan yi wannan a karon farko. Amma wanda aka nuna masa sau uku, ya sake kawo takarda da shekarar firamare a jiki, to wannan rashin kula ne, ba rashin sani ba. Ku koma ku sake dubawa.

Darasi na uku: ayyukan da kuka yi

Mutuminmu ya yi aiki a wata masaƙa daga 1991 zuwa 2008, sannan a wajen wani dillalin siminti daga 2009 zuwa 2024. Aikin baya-bayan nan shi ake sawa a sama tare da shekarunsa na gaskiya, a bayyana abin da ya yi: karɓar kaya, ƙidaya, rubuta shige da fice a kwamfuta. Shekara 10 zuwa 15 na ƙarshe su ake faɗaɗawa. Aikin masaƙa ba a jefar da shi, sai a sa shi a ƙasa, ƙarƙashin kan magana Earlier Experience, da sunan wurin da muƙamin, ba tare da shekaru ba. Ya kuma sauke jimlar nan ta "gogewar shekara 33", ya rubuta "fiye da shekara 15", wadda gaskiya ce. Idan an tambaye shi baki da baki, ya faɗi shekarun yadda suke.

Darasi na huɗu: ƙananan alamu

Adireshin imel mai ɗauke da 69 ko 1969 yana faɗin abin da kuka share, sai ku buɗe sabo da sunanku kawai. Ku cire iya buga tafireta, ku rubuta Microsoft Excel idan da gaske kun iya shi. Hoto kuwa, sai an nema.

Darasi na biyar: fom

Idan fom ya tanadi gurbin ranar haihuwa, kamar na aikin gwamnati inda ake ritaya a shekara 60 ko bayan shekara 35 ana aiki, ku cike shi daidai da abin da yake cikin takardunku.

Aikin gida: ku kawo takardarku a gyare ranar darasi mai zuwa, kuma ku duba sashen karatu kafin ku fito.