Sanarwar taron intanet: kurakuran da ke sa mutane su makara ko su rasa hanyar shiga

Wata ƙungiyar mata 'yan kasuwa a Abuja ta turo mini sanarwar taronta in duba kafin a fitar. Ga abin da ke ciki: "Gagarumin Taro! 07/11/2026, 11:00 GMT. Danna nan." Niyyarsu mai kyau ce, amma kusan kowane layi yana buƙatar gyara.

Taken bai faɗi komai ba. Mai karantawa a waya so take ta san me za ta ƙaru da shi, don haka muka mayar da shi "Yadda za ki yi wa sana'arki rajista da CAC: taro ta Zoom, kyauta". A ƙarƙashinsa jimla biyu sun isa: wa aka shirya wa taron, da cewa da Hausa za a yi, tsawon awa ɗaya.

Lokacin ne ya fi damuna. Najeriya ba a kan GMT take ba. Agogonmu WAT ne, wato GMT da ƙarin awa ɗaya, kuma ba ya canzawa rani da damina. Masu taron ƙarfe 11 na Abuja suke nufi, amma wadda ta bi abin da aka rubuta sai 12 na rana za ta shigo, ta tarar ana addu'ar rufewa. Birtaniya kuwa tana juya agogonta: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba lokacinmu ɗaya da Landan, bayan nan muna gabansu da awa ɗaya. Saboda haka wadda ta saba shiga daga can a watan Agusta za ta iya ruɗewa a Nuwamba. Ita ma ranar, 07/11 a wajenmu 7 ga Nuwamba ce, mazaunin Amurka kuwa 11 ga Yuli zai karanta. A rubuta sunan wata, a haɗa da sunan rana. Ga yadda muka gyara:

"Asabar, 7 ga Nuwamba 2026, ƙarfe 11 na safe agogon Najeriya da Nijar. A Ghana da Birtaniya 10 na safe, a Saudiyya 1 na rana."

Sannan a leƙa cikin Zoom ɗin kansa, wajen Time Zone, a tabbata West Central Africa aka zaɓa. In ba haka ba, saƙon da manhajar za ta aika zai saɓa wa sanarwar.

"Danna nan" kuma, mutane da yawa suna ɗauka ƙofar shiga taron ce, sai su ajiye ta sai ranar. Muka rubuta: "Yi rajista a nan kafin Juma'a, 6 ga Nuwamba. Za a turo miki mahaɗin shiga ta imel, kuma naki ne ke kaɗai. In ba ki gani ba, ki duba Spam." Kafin a fitar da sanarwar, sakatariyarsu ta yi rajista da nata imel, ta ga saƙon ya iso da ƙarfe 11 daidai.