Yadda ake ƙiyasta ɗorewar famfon burtsatse alhali wasu ba su lalace ba tukuna

A ce an ba ka kundin famfunan tuƙa-tuƙa guda 10 da aka kakkafa a ƙauyuka, aka bi su har tsawon wata 24, kuma ana so ka faɗi wata nawa famfo yake yi kafin ya yi lalacewar farko. Shida sun lalace, an rubuta watan da kowanne ya tsaya. Huɗu kuwa ba a ga lalacewarsu ba. Ɗaya an cire shi a wata na 6 aka sa sola a madadinsa, biyu an kafa su a makare, wata 10 da wata 16 kawai suka samu kafin a rufe kundin, na ƙarshe kuma ya cinye wata 24 ɗin yana ba da ruwa. Waɗannan huɗun su nake kira katsattsu, wato bibiyarsu ce ta katse, famfon kansa lafiyarsa lau a ranar da aka daina dubawa. Alƙaluman nan na misali ne, na tsara su don lissafin ya fito fili, amma hanyar ita ce dai wadda likitoci suke bi da marasa lafiyar da suka daina zuwa asibiti ko aka kammala bincike suna raye. Edward Kaplan da Paul Meier ne suka wallafa ta a 1958, shi ya sa ake kiranta da sunansu.

Mataki na farko: rubuta abu biyu ga kowane famfo

Kowane famfo yana buƙatar lokaci da alama. Lokacin ana ƙirga shi daga ranar da aka kafa wannan famfon, ba daga ranar da aka buɗe kundin ba, don wanda aka kafa a Janairu da wanda aka kafa a Oktoba kowa da nasa mafarin. Alamar kuma 1 ce in ya lalace, 0 in bibiya ta katse. A rubutun hannu ana sa alamar tarawa a gaban katsattse. In ka jera su daga ƙarami zuwa babba, ga abin da za ka samu:

3, 5, 6+, 8, 8, 10+, 14, 16+, 20, 24+

Ma'anar 16+ ita ce famfon ya kai wata 16 aƙalla. Ko ya tsaya a na 17, ko ya yi shekara biyar, kundin bai sani ba. Amma wannan "aƙalla" ɗin bayani ne, kuma duk aikin da ke gaba na yadda za a yi amfani da shi ne ba tare da an ƙara masa ko an rage masa ba.

Kafin mu ci gaba, dubi abin da matsakaici na yau da kullum zai ba ka. In ka tara duka goma ka raba, 114 a raba 10, ka sami wata 11.4. Amma ka ɗauki famfon da aka cire a wata na 6 tamkar a ranar ya mutu, haka ma sauran ukun. Kowane katsattse ka rubuta masa kwanan da bai kai nasa na gaskiya ba, don haka amsar dole ta yi ƙasa. Wani zai ce to a zubar da katsattsun, a yi lissafi da shidan da aka tabbatar. Wannan ya fi muni, 58 a raba 6 wata 9.7 ne. Dalili shi ne katsewa ba ta faɗa wa kowa daidai wa daida. Famfon da ya lalace a wata na 3 bai ba bibiya lokacin katsewa ba, wanda ya daɗe kuwa shi ya fi yiwuwa a rufe kundi yana aiki. Zubar da katsattsu zubar da masu ƙarko ne, ka tsince gyaɗa mai kyau ka auna ɓawo.

Akwai kuskure na uku da ke karkata ɗaya gefen. Shida cikin goma sun lalace, sai a rubuta a rahoto cewa kashi 40 cikin ɗari suna kai wata 24. Ina shaidar? Famfo ɗaya tak aka gani da ido ya kai wata 24. Sauran ukun an yi musu kyautar watannin da ba wanda ya duba su a ciki.

Mataki na biyu: a kowace lalacewa, ƙirga waɗanda ake kallo

A nan dabarar take. Tambayar tsawon rai gaba ɗaya ana sassare ta zuwa ƙananan tambayoyi. A duk watan da aka sami lalacewa, famfo nawa ne suka iso wannan watan da ransu kuma ana bibiyarsu, nawa ne cikinsu suka wuce? Kira na farko n, waɗanda suka lalace kuma d. Rabon da ya tsallake shi ne (n − d) / n, sai ka ninka shi da abin da ka taho da shi daga baya.

A wata na 3 famfo 10 ake kallo, ɗaya ya tsaya, tara cikin goma sun wuce, ɗorewa ta zama 0.9. A wata na 5 saura 9, ɗaya ya tsaya, 0.9 sau 8/9 ya ba da 0.8. Har nan ba bambanci da ƙirgan yatsu.

A wata na 6 aka cire na sola. Ba ka taɓa 0.8 ɗin, domin ba abin da ya lalace, amma waɗanda ake kallo sun sauko daga 8 zuwa 7. Shi ya sa da biyu suka tsaya a wata na 8, rabon da ya wuce 5/7 ne, kuma 0.8 sau 5/7 ya ba da 0.571. Saura 5, ɗaya ya katse a wata na 10, saura 4. A wata na 14 ɗaya ya lalace, 0.571 sau 3/4, wato 0.429. Saura 3, ɗaya ya katse a na 16, saura 2. A wata na 20 ɗaya ya tsaya, ɗorewa ta rabu biyu ta koma 0.214, kuma a nan take har wata na 24.

Ni na fi gane abin in na kalle shi kamar rabon gado. Kowane famfo ya fara da kaso 0.1. Wanda ya katse a wata na 6 ba a binne kasonsa tare da shi ba, an raba shi daidai ga bakwai ɗin da suka rage, kowa ya koma 0.114. Da biyu suka faɗi a wata na 8 sun tafi da kusan 0.229, kuma 0.8 a cire 0.229 shi ne 0.571 ɗin nan. Wato muna cewa abin da zai sami katsattsen nan gaba shi ne abin da ya sami 'yan uwansa da suka kai inda ya kai. Riƙe wannan zancen, za mu dawo kansa.

Ƙa'ida ɗaya ƙarama: in lalacewa da katsewa suka faɗo wata ɗaya, ana fara lissafa lalacewar, katsattsen yana cikin n na wannan watan.

Mataki na uku: zana matakalar, ka karanta ta

Sa watanni a kwance, ɗorewa a tsaye daga 0 zuwa 1. Layin yana tafiya a miƙe, ya faɗi a watan lalacewa kawai, kamar matakalar bene. A wurin kowace katsewa yi ɗan tsaga a kan layin don mai karatu ya ga inda aka yi rashi. Kada ka haɗa ɗigogin da layi mai gangara.

Abin da aka fi ɗauka daga zanen shi ne watan da rabin famfunan suka lalace, wato wuri na farko da layin ya taɓa 0.5 ko ya sauka ƙasa da shi. A nan wata na 14 ne. Da ka ɗauki na tsakiyar jerin lambobi goman kai tsaye, 9 za ka samu, bambancin wata biyar cur.

In kuma lallai matsakaici ake so, faɗin filin da ke ƙarƙashin matakalar ne. Wata 3 a tsayin 1, wata 2 a 0.9, wata 3 a 0.8, wata 6 a 0.571, wata 6 a 0.429, wata 4 a 0.214. Jimla wata 14.1. Amma faɗe shi da sharaɗinsa: cikin wata 24 na farko, famfo yana ba da ruwa wata 14.1 a matsakaici kafin lalacewar farko. Layin bai sauka sifili ba, saboda haka cikakken matsakaicin tsawon rai ba ya fitowa daga wannan kundin, sai dai a ce ƙiyasinsa bai gaza haka ba.

Da manhajar R, layi kaɗan ne:

```r
library(survival)
wata   <- c(3, 5, 6, 8, 8, 10, 14, 16, 20, 24)
lalace <- c(1, 1, 0, 1, 1, 0, 1, 0, 1, 0)
k <- survfit(Surv(wata, lalace) ~ 1)
summary(k)
print(k, rmean = 24)
plot(k, mark.time = TRUE)
```

A abin da `print` ya fitar, duba adadin lalacewar da ke ƙarƙashin `events`. In ka ga 4 maimakon 6, ka juya alamun, kuma manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, za ta zana maka matakala mai kyan gani.

Mataki na huɗu: tambayi dalilin kowace katsewa

Rabon gadon can yana da sharaɗi, katsattse ya zama kamar sauran da suka kai inda ya kai. Famfunan da aka kafa a makare sun cika shi, muddin irin kayan da masu haƙan ba su canza ba, don ranar rufe kundi ba ruwanta da lafiyar famfo. Na solan ne abin tuhuma. In an cire shi ne don wata ƙungiya ta kawo sola ƙauyen, shi ke nan. In kuwa mutanen gari ne suka ga ya fara wahalar tuƙawa, ruwa yana zuwa kaɗan-kaɗan, suka nemi a canza shi, to yana bakin mutuwa aka cire shi, mu kuma mun ba shi ragowar kwanan lafiyayyu. Layinmu zai yi sama da gaskiya. Lambobin ba za su tona wannan ba, sai ka koma ga wanda ya cika kundin ka tambaye shi.

Abin da za ka iya yi a tebur shi ne gwada iyaka biyu. In katsattsu ukun farko duk sun lalace da zarar an ɗauke ido, ɗorewa a wata na 24 ta zama 0.1. In duk sun kai ƙarshe, 0.4. Namu 0.214 yana tsakani, kuma faɗin wannan tazarar yana nuna yawan abin da ya rataya a kan sharaɗin.

Wutsiyar layin ma a yi hattara da ita. Faɗuwar wata na 20 daga 0.429 zuwa 0.214 famfo ɗaya ne ya jawo ta, cikin biyu da suka rage. Ko a wata na 14, kuskuren ƙiyasi bisa lissafin Greenwood, wanda `summary(k)` yake nunawa a ƙarƙashin `std.err`, ya kai kusan 0.17 a kan 0.429. Don haka a ƙasan zanen rubuta adadin famfunan da ake kallo a farkon wata na 6, 12, 18 da 24, wato 8, 4, 2 da 1.