Yadda Mai Ɗaukar Hoton Biki Zai Tsara Jerin Shafukan Farashinsa a Instagram

Mai ɗaukar hoto ba ya sayar da abin da ake ɗagawa a duba, shi ya sa cinikinsa yake yawan zama cinikin biri a sama. Amarya ta ji "dubu ɗari biyu", a ranta har da albam da bidiyo da kwana uku ana bin ta da kyamara. Shi kuwa a ransa taro biyu ne da hoto ɗari. Ranar da za a karɓi aiki sai rigima. Jerin hotunan nan da ake ja da yatsa a Instagram, wanda ake kira karosel, yana iya raba wannan gardama tun kafin a fara ta, amma sai in an rubuta iyakar kowane rukuni da alƙaluma. Zan bi aikin da misalin mai ɗaukar hoton biki a Kano. Kuɗaɗen da zan ambata na misali ne kawai, kowa ya sa nasa.

Fara da takarda, kafin ka buɗe manhajar tsara hoto ta Canva

Ka ware rukuni uku. Biyu sun yi kaɗan ga bikin da wani taro ɗaya zai yi, wani kuma mako guda, biyar kuwa mai karatu zai manta na farko kafin ya kai na ƙarshe. Sai ka zaɓi layuka biyar ko shida da za a auna duka rukunan da su: yawan taro, yawan awa, masu ɗauka nawa, hotunan da za a gyara, albam ko bidiyo, da ranar karɓar aiki.

Ga yadda misalinmu ya fito. Ƙaramin rukuni taro ɗaya ne, awa 3, mai ɗauka ɗaya, hoto 40 gyararru, babu albam, a karɓa cikin kwana 7, kuɗinsa ₦80,000. Matsakaici taro biyu ne, awa 10 gaba ɗaya, mai ɗauka ɗaya da yaron da ke riƙe fitila, hoto 100, albam mai shafi 20, a karɓa cikin kwana 21, kuɗinsa ₦200,000. Babban kuma taro huɗu, awa 20, masu ɗauka biyu, hoto 250, albam mai shafi 40 da bidiyon minti 10, a karɓa cikin kwana 30, kuɗinsa ₦450,000.

Kafin ka yarda da kowane farashi, ka fasa shi ka ga abin da zai rage maka. Ɗauki matsakaicin. Buga albam ₦45,000, sallamar yaro na kwana biyu ₦20,000, kuɗin mota ₦15,000, data da man janareto ₦10,000, sai ₦10,000 da za ka ware saboda lalacewar kayan aiki. Rabin kuɗin ya tafi ke nan, saura ₦100,000. Awa 10 za ka yi a filin biki, sannan hoto 100 in kowanne ya ci minti 10 wajen gyara, wajen awa 17 ne a gaban kwamfuta. Ka raba dubu ɗari gida 27, za ka ga kusan ₦3,700 kake samu a awa. In hakan ya yi maka, to. In bai yi ba, ko ka ɗaga farashin ko ka rage hoton zuwa 80. Yanzu ne lokacin gyara, domin da zarar ka wallafa, mutane za su riƙe ka da abin da ka rubuta.

Sunan rukuni ma ya faɗi aikinsa. "Taro Ɗaya", "Kamu da Dina", "Biki Gaba Ɗaya" sun fi "Azurfa" da "Zinare" amfani, don wanda ya ji su ya riga ya san inda ya faɗa, kuma babu wanda zai ji an sa bikin 'yarsa a ajin tagulla.

Jera shafukan

Instagram yana karɓar har hoto 20 a jeri ɗaya, amma bakwai sun ishe ka. Ka buɗe fili mai faɗin pixel 1080 da tsawon 1350, mai tsayi ne da ke cin wuri sosai a fuskar waya. Ka bar sarari ta kowane gefe, kada rubutu ya taɓa baki, saboda ƙaramin hoton da ake gani a shafinka ana ɗan yanke shi.

Shafin farko hoto ɗaya mai kyau daga aikinka, da rubutu kaɗan: "Farashin ɗaukar hoton biki, daga ₦80,000", sai sunan gari da 'yar kibiya mai nuna a ja gaba. Ka sa mafi ƙarancin farashin tun a nan. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya wuce salin alin, ba ka ɓata wuni kana amsa "nawa ne" ba. Kuma ka nemi izinin masu hoton kafin ka ɗora shi. Ba kowane ango ne zai ji daɗin ganin matarsa a tallar farashi ba.

Shafi na biyu ka sa rukunan uku gefe da gefe, suna da farashi da yawan taro kawai. Dalilin da ya sa na fi son ya zo nan maimakon ƙarshe shi ne, Instagram kan sake nuna wa mutum jerin da ya wuce bai ja ba, ya fara masa daga hoto na biyu. Don haka shafin nan dole ya iya tsayawa da ƙafarsa.

Na uku da na huɗu da na biyar, kowane rukuni da shafinsa. A nan ne yawancin masu yi suke ɓata aikin. Layukan nan shida su zo a jere iri ɗaya, a wuri ɗaya, a duka shafuka ukun. In yawan awa ne layi na biyu a ƙaramin rukuni, to shi ne na biyu a babban. Mai karatu yana ja gaba yana dawowa baya yana kwatantawa, idonsa na kan wuri guda, lambar ce kawai ke sauyawa. Abin da babu a rukuni kada ka share layinsa, ka rubuta "Albam: babu". Layin da aka share ba wanda zai lura da rashinsa, sai ranar karɓar aiki. Kuma ka guji rubuta "duk abin da ke na baya, ƙari da kaza". Ka maimaita komai, domin amarya za ta ɗauki sikirinshot na shafi ɗaya ta tura wa yayanta ko mahaifinta, wanda shi ne zai biya, kuma shi bai ga na baya ba. Wannan dalilin ne ma ya sa sunanka da lambarka za su zauna a ƙasan kowane shafi.

Kalmomi irin su "hotuna masu yawa" da "cikakken ɗauka" da "aiki cikin gaggawa" ka cire su duka. Duk wurin da za a iya tambayarka "nawa?" ko "yaushe?", ka sa lamba.

Shafin abin da ba ya ciki

Shafi na shida shi ne wanda zai hutar da kai, kuma shi aka fi tsallakewa don gudun kada a kori mai saye. Ka fara da maganar awa. Kowa ya san dinar da aka rubuta ƙarfe bakwai a kati ba za ta kankama ba sai wajen tara, amarya tana wurin kwalliya. To awa ukun daga yaushe za a ƙirga? Ka rubuta a fili: "Lissafin awa yana farawa daga lokacin da aka ce mu iso. Ƙarin awa ₦10,000." In kana son yin sassauci, ka ce ana yafe rabin awar farko, amma a rubuce, ba a bakin ƙofar zauren taro ba.

Sai maganar tafiya. Farashin na cikin birnin Kano ne, in bikin a Wudil ko Zariya yake, kuɗin mota da masauki na masu biki ne. Sai hotunan da ba a gyara ba: ana bayarwa ko ba a bayarwa, in ana bayarwa nawa ne. Akwai kuma gidajen da ba sa barin namiji ya shiga wurin kamu ko wunin mata. In kana da mace mai ɗauka ka faɗa, ka faɗi ƙarin kuɗinta in akwai. Wannan layin kaɗai yana iya kawo maka aikin da wasu ba za su samu ba.

Shafi na bakwai na yadda ake kama rana ne. Kafin alƙalami nawa ne, a misalinmu rabin kuɗin, sauran a cika kafin a karɓi aiki. In an ɗaga biki me zai faru, in an fasa me zai dawo. Sannan hanya ɗaya ta tuntuɓa, da abin da mutum zai turo: sunan rukuni, ranar biki, da unguwa.

Rubutu da gwaji

Salon rubutu biyu sun isa, farashi ya fi komai girma a shafin. Kada ka ɗora rubutu a kan hoton leshi ko zane mai ado, ka ba shi fili mai launi ɗaya. Ka duba da kyau ko salon da ka zaɓa yana fitar da ɗ da ƙ da ɓ da alamar ₦, domin wasu suna mayar da su akwati ko su sauya musu kama a tsakiyar kalma. Ka rubuta ₦200,000 cikakke da waƙafinsa.

A kowane shafin da ke da kuɗi, ka sa wata da shekarar da farashin ya fara aiki. Rubutun da ke cikin hoto ba ya gyaruwa bayan an wallafa, bayanin ƙasa kaɗai ake iya gyarawa, kuma sikirinshot ba ya mutuwa. Bayan wata takwas wani zai turo maka tsohon shafi ya ce ai ga abin da ka rubuta, alhali kuɗin buga albam ya tashi.

Kafin ka wallafa, ka tura shafukan wayar wani da bai san aikinka ba, ka ba shi minti ɗaya, sannan ka tambaye shi abu uku: nawa ne matsakaicin, akwai albam a ƙaramin, kuma in an wuce awa nawa za a ƙara. In ya yi ta buɗa hoto da yatsu biyu, rubutun ya yi ƙanana. In ya kasa amsa ɗaya, ka koma shafin da amsar take.

Da ka wallafa, ka maƙala jerin a saman shafinka, Instagram yana ba da damar maƙala har guda uku. Wanda za ka sa a sitatus na WhatsApp kuwa ka yi masa nasa filin mai 1080 da 1920, kuma ka tuna yana ɓacewa bayan awa 24, don haka ka shigar da rukunan a `Catalog`, wato wurin jera kayan sayarwa na WhatsApp Business, su zauna.

Daga nan sai ka sa ido kan tambayoyin da ke shigowa a makon farko. In ana ta tambayar "har da bidiyo?", layin bidiyon bai fito ba. In kowa ƙaramin rukuni yake ɗauka yana neman a ƙara masa albam, tazarar da ke tsakanin ₦80,000 da ₦200,000 ta yi faɗi, sai ka sa albam a jerin abin da ake ƙarawa da kuɗinsa daban, misali ₦60,000, ka fitar da sabon jeri da sabon wata a jikinsa, ka sauke tsohon.