Darasi na Tara: Gabatar da Kai a Gaban Kyamarar Waya

Yanzu masu ɗaukar aiki da ƙungiyoyin da ke ba manoma rance sukan ce ba sai kun zo Kano ko Dutse ba, za su kira ku ta bidiyo a WhatsApp ko Zoom. Kuɗin mota ya huta, amma abin da waya ta nuna musu shi kaɗai za su gani. Saboda haka kafin a buɗe baki, sai an gyara zaman waya.

Kada ku riƙe ta a hannu. Hannu yana gajiya, hoto ya yi ta rawa. Kada kuma ku ajiye ta a cinya ko a kan tabarma, don mai kallo haɓarku da rufin ɗaki zai gani. Ku kifa turmi ko bokiti, ku ɗora littattafai, ku jingina wayar da gwangwani har sai ta zo daidai tsayin idonku a zaune. Nisanta da ku ya zama kamar tsawon hannu idan an miƙe shi. Ku duba fuskar wayar: daga ƙirji zuwa kai ya fito, kuma saman hula ko hijabi a bar ɗan fili kamar faɗin yatsa biyu. Idan hular ta yanke, kun matso da yawa.

Haske ya zo daga gabanku. Wanda ya zauna a zaure ya ba ƙofa baya, fuskarsa baƙi ƙirin za ta fito, domin kyamara hasken ƙofar take bi. Juyowa za ku yi ku fuskanci ƙofar. Idan da hazo a gari, ku goge gilashin kyamarar da tsumma mai laushi.

Sai maganar ido, wadda na fi so ku riƙe. A saman waya akwai wani ɗan baƙin ɗigo kamar ƙwayar dawa. Shi ne idon kyamara, ta nan kaɗai ake ganinku. Idan kuna kallon fuskar mutumin ko taku a jikin wayar, shi a can gani zai yi kun sunkuyar da ido. Na san da tarbiyyar da muka tashi: ba a zuba wa babba ido, musamman mace a gaban baƙon namiji, kuma wannan kunyar abu ne mai kyau. To amma mai yi muku tambaya bai san kunya ce ba, yana iya ɗauka karantawa kuke yi ko ba ku da tabbacin abin da kuke faɗa. Ku tuna gilashi kuke kallo, ba ƙwayar idon kowa ba. Ku liƙa 'yar takarda a gefen ɗigon, ba a kansa ba, don ido ya san wurin komawa. Lokacin da kuke magana ku dubi ɗigon, lokacin da kuke saurare kuna iya duban fuskarsa.

Ga misalin wani manomi daga wani ƙauye a Kura, mai neman aikin kula da gonar shinkafa. A gwajin farko da muka yi a aji, ya fara da ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, har kusan minti guda bai faɗi sunansa ba. A zaure wannan ladabi ne. A waya kuwa murya takan ɗan makara kafin ta isa, sai gaisuwa da amsa su yi ta karo. Muka gyara masa ta koma haka:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe, barka da aiki. Sunana wane, daga ƙaramar hukumar Kura. Shekara 12 ina noman rani na shinkafa, kuma aikin kula da gona nake nema."

Gaisuwa ɗaya, suna, gari, sana'a da shekarunta, sai buƙata. Duka bai kai daƙiƙa 20 ba. Bayan sallama ya yi shiru har aka amsa, sannan ya ja sunansa a hankali, domin suna shi ne abin da sauri ya fi cinyewa. Ku lura bai ce "ina ɗan taɓa noma" ba. Mai shekara 12 a fadama ya faɗi shekarunsa.

Aikin gida: ku rubuta taku jimlar a littafinku da sunanku na gaskiya, ku maimaita har ta zauna. Ku ɗauki kanku da kyamarar gaba sau uku, a lokacin da injin niƙa ya yi shiru. Ku kalli na ukun a rufe da murya don ku ga inda idonku yake, sannan ku saurare shi ba tare da kallo ba, ku ji ko sunan ya fita. Ku zo da wayar aji mai zuwa, wanda ba shi da ita ya haɗa kai da maƙwabcinsa na benci.